Lambar da Gwaggo Ta So In Rage Mata

Aikina duba hoton cikin jiki ne. Ranakun mako ina Abuja, ranar Asabar kuwa ina zama a wani ɗan wurin ɗaukar hoto a nan Suleja, in karanta hotunan nono, wato mamogiram, da aka tara mini. Ɗaki ne mai duhu, da fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Na ga masu taurin kai iri-iri a wannan ɗakin, amma babu wadda ta kai ni bango kamar ƙanwar mahaifina.

Gwaggo atamfa da leshi take sayarwa a kasuwa, kuma ita ta riƙe ni lokacin da nake sakandare. Wata Asabar sai ga ta ba sanarwa, ta ce akwai wani ƙulli a nononta na dama, kamar ƙwallon goruba, ya shekara da shekaru, yanzu ya fara hana ta sukuni. Na sa aka ɗauke ta hoto. Tun daga ɗakina ina jin muryarta tana yi wa ma'aikaciyar faɗa, wai an matse ta kamar za a tatsi man gyaɗa.

Mu ba ma rubuta rahoto yadda muka ga dama. Akwai ma'auni ɗaya da masu wannan aiki suka yarda da shi, muna kiransa Bairads, domin likitan da zai karɓi takardar ya san abin da ake nufi ko bai taɓa ganin fuskata ba. Da farko sai in faɗi kaurin naman nonon, daga A zuwa D. Na A kusan duk kitse ne, komai a fili yake. D kuwa nama ne cunkus, fari fat a hoto, ga shi ciwon daji ma fari yake fitowa. Na Gwaggo C ne, irin wanda ƙaramin ƙulli zai iya ɓuya a ciki.

Ƙullin da ya kawo ta bai ba ni wahala ba. Siffarsa kamar ƙwai, gefensa sumul kamar an zana da biro, cikinsa da manyan dunƙulen alli, wato sinadarin ƙashi da ya taru, masu kama da gugguru. Tsohon ƙulli ne marar illa da ya bushe da kansa. A ma'aunin, duk abin da aka gani lamba ake ba shi. Wannan lamba biyu ce, ba ciwo ba ne, a bar shi ya yi zamansa.

A nonon hagu, wanda ba ta ko ambata ba, na ga abin da ya sa na gyara zama. Can sama ta wajen hammata akwai wasu ɗige-ɗige farare na alli, ƙanana kamar an barbaɗa gishiri, sun taru wuri guda. Na sa aka sake ɗaukar wurin da ƙarin girma. Babu biyu masu kama da juna, wannan mai tsini, wancan a karkace. Irin waɗannan ba a yi musu zato mai kyau. Lamba huɗu ce, ma'ana akwai shakka, sai an ɗebi naman wurin an gwada. Don kada a ce son kai ko tsoro ya rufe mini ido, na tura wa wani abokin aikina hoton ba tare da na ce na wa ne ba. Shi ma huɗu ya ce.

A takarda na rubuta komai dalla-dalla. Da baki ne na yi sakaci. Matar da ta yi mini tsarki ina ƙarama tana zaune tana kallona, sai na kasa fitowa fili. Na fara da albishir ɗin ƙullin dama. Ta ɗaga hannu tana hamdala, tana sa mini albarka. Da na zo kan na hagu sai na ji kaina ina cewa, “Akwai kuma wani ɗan abu a wancan gefen, Gwaggo, da za a ɗan duba.”

“To, a duba mana, wata rana,” in ji ta, tana gyara mayafi.

Bayan kwana uku na je gidanta a unguwar Wambai da takardar asibitin Abuja, inda ake ɗiban nama da allura ana kallon hoto. Na tarar ’yarta ta riga ta karanta mata rahoton, har ta binciko ma'anar lambobin a waya. Gwaggo ta san cewa ɗaya babu komai, biyu ba illa, uku a dawo bayan wata shida, huɗu allura. Ta zaunar da ni a kan tabarma, ta kawo mini kunun aya, sannan ta buɗe ciniki.

“’Yar nan, huɗun nan ta yi yawa. Ki ba ni uku.”

Na ce, “Gwaggo, ba a ragewa.”

“Komai ana ragewa. Dama biyu, hagu huɗu, ki raba tsakani mana, ba uku ke nan ba?”

Na yi mata bayani cewa idan abu biyu ne a jiki, mafi shakku ake bi. Uku kuma ta abin da muka kusan tabbatar ba shi da illa ce, wanda zaton ciwo a cikinsa bai wuce biyu cikin ɗari ba, kuma waɗannan ɗige-ɗigen ba sa cikin layin. Ta ce ita ba ta jin zafi, ba ta jin ƙulli, ta lalube wurin har ta gaji. Na ce ai amfanin hoton ke nan, ya ga abu tun hannu bai kai ga jinsa ba. Ta dube ni yadda take duban mai saye da ya raina mata kaya.

“To las firais nawa?”

Wallahi dariya ta kusa kuɓuce mini, amma raina a ɓace yake. Shekara goma sha ina karatu, ga ni a tsakar gida ana taya rahotona kamar turmin atamfa.

Azumi ya matso, lokacin da ’yan kasuwar tufafi ba sa ko ɗaga kai. Ta ce bayan salla. Bayan salla ta ce sai an gama bikin ’yar maƙwabciya. Ina cikin bin ta, rannan sai ga ta ta shigo ɗakina da fara'a, ta ajiye mini wata takarda a kan tebur. Ta je wani wuri an yi mata sikanin, irin wanda ake shafa mai a bi da na'ura, an rubuta mata lamba ɗaya.

“Ga shi nan. Na samu inda ya fi naki sauƙi.”

Na tambaye ta ko ta nuna wa mai sikanin hoton farko da rahotona. Ta ce don me za ta nuna masa, ya kwaikwayi amsa? A nan na ji kaina ya yi zafi. Mutumin bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya rubuta. Sikanin ya iya ganin ƙulli da ruwa, amma ɗigon alli ƙanana irin nata sau da yawa wucewa yake ta kansu. Na faɗa mata haka sau uku, ta hanya uku. Ta ce ita dai takarda biyu gare ta, kuma ta baya ita ce sabuwa.

Babu wanda ban haɗa ta da shi ba. Na kira mahaifina, ya ce in bi ta a hankali, tun suna yara haka take. ’Yarta ta yi kuka, aka ce mata ta daina yi wa uwarta fatan tsiya. Na yi fushi na ɗauke ƙafa wata guda, ita kuwa ta aiko mini da dambun nama. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk wadda ta zo shagonta da maganar nono, sai ta turo ta wurina, tana cewa ’yar wanta ƙwararriya ce. Mata uku na karanta wa hoto ta dalilinta, kowacce ta bi abin da na rubuta.

Wata tara aka yi a haka. Abin da ya dawo da ita ɗigon jini ne da ta gani a rigar nononta, ta hagu. Wannan karon ba ta yi wa ma'aikaciya faɗa ba.

Na jera sabon hoton kusa da tsohon. Ɗige-ɗigen sun bar wurin da suka taru, sun miƙe siri-siri suna rassa, suna bin hanyar ruwan nono zuwa kan nonon. A tsakiyarsu ga wani ƙulli da babu shi a da, marar siffa, gefensa da tsinke-tsinke kamar ƙaya. Na daɗe ina kallo, ina neman hanyar da zan kira shi huɗu. Babu. Na rubuta biyar, lambar da muke bai wa abin da kusan tabbas kansa ce, wato ciwon daji. Ban taɓa jin haushin wata lamba kamar wannan ba, kuma ban san ko ita nake jin haushi ko kaina ba.

Na kira ta cikin ɗakin, na kashe fankar don ta ji ni sosai. Na juya mata allon kwamfuta, na ɗora yatsa a wurin.

“Gwaggo, wannan biyar ce. Ina kyautata zaton kansa ce. Litinin za a ɗebi naman, ni zan kai ki.”

Na shirya wa gardama, har na tanadi amsoshi. Ta matso da kujera, ta sa tabarau, ta dubi hoton farko, ta dubi na biyu, ta sake duban na farko.

“Wannan ɗan garin ne ya zama wannan?”

“Shi ne.”

“Da an cire shi tun yana gari fa?”

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce da wataƙila ɗan wurin kawai za a yanke, yanzu kuwa sai abin da gwaji ya nuna, kuma dole a duba har hammata. A waje wani mai keke yana ta danna oda.

Ranar Litinin na iso ƙofar gidanta ƙarfe shida da rabi, don mu riga cunkoson masu shiga Abuja. Na tarar da ita a zaune a dakali, ta yi wanka ta shirya. Duk takardun suna cikin leda a cinyarta, har da ta mai sikanin. Muka kama hanya har muka wuce dutsen Zuma. Gwaggon da ba a raba ta da magana, ga ta tana ta murza bakin mayafi.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Idan sun ce duka za su cire, kada ki bari su faɗa mini a tsaye da Turanci. Ke za ki faɗa mini.”

Na ce to.

“Kuma ki faɗa gaba ɗaya. Kada ki ji kunyata.”

Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na sake cewa to.