Kwana Bakwai na Tsaya-Ka-Ji

Shekara goma sha takwas ta yi a kantin magani tana bayan kantar sayarwa, tana rubuta wa mutane "biyu safe, biyu yamma" a jikin kwali. Da mai kantin ya rufe ya koma garinsu, sai ta kama wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo, ta fara sayar da data da katin waya. Teburi ɗaya ne, da wayoyi biyu, da fanka mai kuka. Halin kantin magani kuwa bai sake ta ba. Ba ta loda wa kowa sai ta yi masa bayani, ko da sauri yake yi. Shi ya sa duk layin ke kiranta Tsaya-Ka-Ji.

Da lokacin hutun biki ya matso, dilan da take saro data a wurinsa ya fito da garaɓasa: giga goma a kuɗin biyar. Sauran masu sayarwa suka manna takardu masu jan rubutu, ba komai a kai sai GIGA GOMA. Ita kuwa ta samo kwali ta rubuta da hannunta: "Ana sayarwa zuwa Alhamis da ƙarfe shida na yamma. Datar tana aiki kwana bakwai daga lokacin da ta shiga wayarka, ko ka taɓa ta ko ba ka taɓa ba. Abin da ya rage ba ya tsallakawa. Layi ɗaya sau ɗaya ake loda masa. In ka ba da lambar da ba daidai ba, ba a dawo da ita."

Mai aski ya karanta ya ce, "Hajiya, wannan talla ce ko kashedi?"

Ranar Litinin da hantsi yayan mijinta ya zo. Tsohon direban tanka ne, ba ya son dogon zance. 'Yar autarsa na karatu a wata ƙasa, ranar Larabar mako mai zuwa za a yaye su, kuma ta ce za ta kira shi ta bidiyo ya kalli komai.

"Loda min goman nan," ya ce, yana miƙo waya.

"Tsaya ka ji, Yaya. In na loda yau, Litinin mai zuwa war haka ta mutu, saura kwana biyu a yi taron. Ka bari sai Alhamis da rana. Ka ga ta kai ka har wata Alhamis ɗin, Laraba na ciki."

"Ai ba zan taɓa ta ba. Ajiyewa zan yi."

"Ba ta ajiyuwa. Ko ka kashe wayar ka kulle a akwati, kwanakin tafiya suke."

"Ke dai kin cika bayani. Giga goma sai ka ce madara, har ta lalace?"

Ba ta dai loda ba. Ya tsallaka titi wurin wani mai rumfa, aka loda masa cikin minti ɗaya. Da zai wuce ya ɗaga mata wayar daga nesa.

Ya cika alkawari, bai taɓa datar ba. Ko hoton jikoki aka turo sai ya ce a bari tukuna. Ran Laraba ya yi wanka ya sa sabuwar riga, ya jingina wayar da kofin shayi, ya kunna data. Shiru. Da ya duba saƙonni, sai ga wanda ya shigo tun Litinin, cewa wa'adi ya cika.

Saura minti ashirin a fara ya iso shagon, hula a karkace. Bai ce ta yi gaskiya ba, ita ma ba ta nema ba. Ta loda masa giga biyu na yau da kullum, ta ce sun ishe shi, ta jawo masa kujerarta, ta kashe fankar don ya ji sosai. Mai aski ya baro wani da rabin aski ya leƙo. Da aka kira sunan yarinyar, tsohon ya miƙe tsaye har kansa ya bugi matakala.

A makon garaɓasar, mai rumfar tsallake ya ninka ta ciniki, ta kuma sani. Daga baya mai ginin ya buƙaci ƙarƙashin matakalar don ajiye janareta, sai ta koma sayarwa daga gida, masu saye na turo mata lamba ta waya. Yanzu jikanta biyu, kuma gwiwa ta fara damunta.