Yaron da Ya Haura Berso

Ƙanena yana da shekara biyu da rabi ranar da ya koyi haura bersonsa, wato gadon jarirai mai sanduna da wani kafinta na unguwar Banikanni ya ƙera tun haihuwata. Ya ɗora ƙafa a kan sanda, ya juyo da ciki, ya faɗo tim. Ƙulun da ya fito masa a goshi ya kai ƙwan zabuwa. Ni dai na ce na jimina ne, Inna ta jefo mini murfin tukunya.

Dama Inna tana da tsohon ciki, berson kuma mai zuwa za a ba. Baba ya sa aka kawo ƙaramin gado, aka yanke masa ƙafafu har ya kusa taɓa ƙasa, aka kai shi ɗakina. Ɗakina! Shekara goma sha biyar ina jiran ranar da zan kwana ba mai shure ni, sai ga maƙwabci mai warin madara.

Da yaron ya gane gadon nan ba shi da katanga, sai ya zama mai gadin gida. Daren farko Inna ta farka ta tarar da shi tsaye a kanta yana kallon ta, ihun da ta yi na tabbata an ji shi har unguwar Ganou. Dare na biyu muka same shi a cikin babbar robar wanki, rungume da takalmin Baba. Dare na uku ba wanda ya yi dariya. Baba ya fito alwalar asuba ya gan shi a tsakar gida yana buga murfin rijiya da cokali. Kafin azahar an sa wa murfin kwaɗo, an ɗaga sakatar ƙofar falo sama, inda ni kaina sai na yi ɗage nake kai ta.

Sakata ta hana shi fita waje, ba ta hana shi zuwa ƙofar Inna ba. Ƙafafunta sun kumbura, barci kuma ya ƙi samuwa. Wata safiya ta kira ni.

“Ke, vakans saura sati biyu, za a rufe makaranta. Kina son zuwa Djougou wurin Kaka?”

“Inna, tun bara kayana suke a ɗaure.”

“To su zauna a ɗaure. In yaron nan bai yi dare uku a jere ba tare da ya buga mini ƙofa ba, ba inda za ki. Ba zan iya da shi ni kaɗai ba.”

Djougou ita ce aljannata ta duniya. Can ba wanke-wanke, ba aiken kasuwa, Kaka tana dafa mini wake da shinkafa da wagashi, cukun nan na nono, tana cewa na rame.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Yawon yaron nan daga gadona yake farawa. Ina kwance cikin gidan sauro da tsohuwar wayar Inna ina kallon bidiyo, sai in ga kai ya leƙo.

“Yaya, mene ne?”

Don kada ya tona ni sai in ba shi ƙuliƙulin da nake ɓoyewa ƙarƙashin matashi, in yi masa tatsuniyar da nake ƙirƙira nan take, har da muryoyi. Ni barci ya kwashe ni, shi kuwa idonsa ya bushe, ya kama hanya.

Tururuwa ce ta tona ni. Inna ta zo kakkaɓe shimfiɗa ta ga layinsu tun daga taga har matashina, kamar manyan motoci a hanyar Malanville. Ba ta dake ni ba, ta yi abin da ya fi duka: ta kira Kaka ta sa wayar a bayyane.

“Kishiyata,” in ji Kaka, don haka take tsokana ta, “in ya tashi me kike yi masa?”

“Ba komai, Kaka. Ɗan ƙuliƙuli. Da ɗan labari.”

“Da kiɗa da rawa ba? Ni ma in ana mini walima duk na tashi, wallahi ba zan kwanta ba.”

Ta shimfiɗa mini doka. Bayan isha a yi masa wanka, ya sha kokonsa, a tofa masa addu’a, tatsuniya ɗaya tak, a rufe shi da tsohon zanen da yake kwana da shi a berso, a cusa gidan sauro. Kullum haka, ba canji. In ya tashi, in kama hannunsa in mai da shi. Karon farko in ce dare ne, a kwanta. Daga nan kuma shiru. Ba faɗa, ba lallashi, ba dariya.

“Kaka, shiru gaba ɗaya?”

“Na san na roƙi abu mai tsada. Ke da aka haifa kina surutu.”

Inna ta karɓe tsohuwar wayar da nake kallon bidiyo. Na zuba tsakuwa a gwangwanin tumatir na rataye a ƙofar ɗakinmu don in ji in ya buɗe.

Daren farko na mai da shi sau goma sha tara. A lekwal na ce wa ’yan ajinmu sau ɗari ne, amma goma sha tara ne. Ya yi kuka, ya nemi ruwa, ya ce fitsari, na kai shi fo ya zauna kamar alƙali bai yi ko ɗigo ba. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi. Dare na biyu sau takwas. Na uku sau biyu, kuma bai kai ƙofar Inna ba. Na fara jin ƙamshin wagashi.

Dare na huɗu ya taso ya tsaya gaban gadona, ya kama hannuna da kansa, ya ɗaure fuska irin tawa ya ce, “Dare ne. A kwanta.”

Na fashe da dariya har na faɗo daga gado. Shi ke nan, wasa ya dawo. Ya ruga yana ƙyalƙyala, gwangwani ya yi ƙara, ya je ya dinga buga ƙofar Inna da tafin hannu biyu. Da safe Inna ta ɗaga mini yatsa.

“Lissafi ya koma farko.”

Daga ranar nake tura bakin zane a baki kafin in tashi. Ya sake gwada wasan sau biyu, na kalli bango kamar gunki. Ya yi ta raguwa, wani dare ya ɓaci, wani ya yi kyau, har saura kwana ɗaya vakans muka cika uku. Daren ƙarshe ni ce ban yi barci ba, ina ta leƙa shi, shi kuwa yana minshari, ƙafa ɗaya ta turo gidan sauro.

Da safe na fito da jakata, na ga wata ƙaramar jaka kusa da ita, tsohon zanen nan a naɗe a sama.

“Inna, wannan ta waye?”

“Ta ɗalibinki. Ungozoma ta ce haihuwa ko yau ko gobe. Wa ya iya kwantar da shi in ba ke ba?”

“Inna, ai ba haka muka yi ba!”

“Na ce za ki Djougou. Na ce ke kaɗai?”

Baba ya kai mu tasha a bayan babur, ya damƙa mu hannun direba abokinsa. Tun kafin mato ta fita Parakou yaron ya yi barci a cinyata, ya jiƙa mini sabon zane da miyau. Muna isa Kaka ta karɓe shi ta goya, ta dube ni ta ce na rame. Sannan ta nuna mini ɗakin da za mu kwana. Tabarma biyu ne a ƙasa, ƙofar kuwa labule ne kawai. Na ajiye jaka na tambaye ta inda take tara gwangwanin tumatir.