Kawuna Ticha da Shaddar Anti Nas

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da Turanci a firamare. Har yau manya da yara Ticha suke ce masa. Da ya yi ritaya sai ya kama shago a bakin titi, ya sa kwamfuta da injin fotokwafi da benci ɗaya. Can ake kawo masa takardar neman aiki da wasiƙar koke, kai har da saƙon ban haƙuri ga mace. Mutum ya faɗi da Hausa, shi ya juya. Wani tsohon ƙamus da bangonsa ya cire yana nan kullum kusa da hannunsa na dama.

Tufafi kuwa bai san komai a kansu ba. Matarsa ke sayen yadi, ita ke kai ɗinki, shi nasa sawa. Ta kan ce ko labule ta ɗinka masa, zai saka ya tafi masallaci yana godiya.

Shagon da ke jikin nasa na wata tela ne, Maman 'Yan Biyu, wadda ya koyar a aji huɗu. Katako ne kawai tsakaninsu, yana jin kekenta, tana jin tarinsa. Ba ta gaishe shi sai ta rusuna.

Bara ya koyi aiki da manhajar nan da ake rubuta mata bayani ta zana hoto. Ya lura ta fi gane Turanci, kuma abin da ka rubuta shi take bi, ba abin da ke ranka ba. Wannan ya yi masa daɗi, don fagensa ne.

Wata safiya Maman 'Yan Biyu ta shigo da tef a wuya. Tana da kwastoma, ma'aikaciyar jinya da ke aiki a wani gari, Anti Nas. Ta aiko da shadda yadi biyar ruwan toka, wadda marigayiya mahaifiyarta ta bari ba a ɗinka ba. Doguwar riga take so, amma ta ce kada almakashi ya taɓa sai ta ga hoton yadda za ta fito.

"Ticha, ka rubuta wa na'urarka," in ji telar. "Doguwar riga har idon sawu, ta shadda, ruwan toka. Wuya zagaye, hannu mai faɗi, tattara daga ƙirji. In ya fito ka tura mata, ga lambarta. Ni wayata ta kira ce kawai."

Ta koma kan kekenta.

Kawu ya juya tsawo da wuya da hannu da launi ba gardama. Ya zo kan shadda ya tsaya. Ya buɗe ƙamus, babu. Ya rubuta kalmar yadda take, manhajar ba ta gane ta ba, ta ba shi riga ta yadi marar ko zane. Daga baya ya ce mini ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa katakon ya tambaye ta da me ake yin shadda, sai ya sauke. Yarinyar da ya koya wa baƙaƙe, ita zai tambaya ma'anar kalma? Ya tuna shadda tana ƙyalli. Me ke ƙyalli? Siliki. Ya sa kalmar Turanci ta siliki, ya ƙara da cewa mai santsi.

Hoto ya fito da kyau. Rigar tana zuba kamar ruwa, tattarar ta kwanta lif a jiki. Ya tura. Ba a jima ba amsa ta zo: "Haka nake so. A yanka." Ya leƙa ya gaya wa telar, ta ce madalla, ta yanka.

Ranar da Anti Nas ta zo karɓa ina shagon Kawu, na kawo takardun wurin aikinmu. Muka ji ta ta cikin katako.

"Maman 'Yan Biyu, dubi hoton nan, ki dube ni. Wannan riga ce ko laima?"

"Anti, ai shadda ce. Haka take tsayawa."

"To me ya sa kika turo mini wannan? Da na san haka tattarar za ta cika, da na ce ki bar ta ba tattara. Kayan uwata ne fa. Ina zan samo wani?"

Telar ta karɓi wayar, a karon farko ta ga hoton. Muna jira mu ji ta ce Ticha ne ya haɗa, amma abin da ta ce shi ne, "Ki yi haƙuri, Anti. Laifina ne da ban duba ba."

Kawu ya cire tabarau ya ajiye. Ya mayar. Ya miƙe ya fita, na bi shi.

"Baiwar Allah," ya ce daga bakin ƙofa, "ni na rubuta bayanin. Ta ce shadda, na sa siliki."

Anti Nas ta juyo, rigar na ƙara a jikinta. "Baba, ba ka san bambancinsu ba?"

"Ban sani ba."

"Kuma ba ka tambaya ba? Ga ta nan, bango ɗaya."

Mata biyu da ke jiran awo suka sunkuyar da kai, ɗaya tana wasa da bakin mayafinta. Anti Nas ta shiga bayan labule ta tuɓe rigar, ta ninke da kanta. Ta ce a ba ta leshi da atamfar da ta ajiye za a ɗinka mata daga baya. Telar ta sauko da su daga saman kantar shagon, ta sa mata a leda, ta raka ta har titi.

Kwana uku Kawu bai buɗe shago ba. Matarsa ta ce ko rediyo bai kunna ba. A na huɗu ya ce in zo in raka shi, wai ƙafarsa na ciwo. Ba ta ciwo.

Muka sami telar tana guga. Ta fara rusunawa, ya ce, "Bari, 'yata. Ba ni ƙyallen shaddar nan in akwai saura."

Ta ba shi. Ya murza, ya ɗaga wajen haske.

"Da me ake yin ta?"

"Auduga ce, Ticha."

"Wannan zanen fa, bugawa aka yi?"

"A'a, atamfa ake bugawa. Wannan a cikin saƙar yake, shi ya sa launinsu ɗaya. Juya bayan ka gani."

Ya zauna a kujerar masu jiran awo, ya ɗora takarda a gwiwa. Ya bar sunan shadda yadda yake, sannan ya bi shi da Turanci dalla-dalla: auduga, zane a cikin saƙa, launi ɗaya, ƙyalli a fuska, tauri, tattara mai tsayawa ba mai zuba ba. Muka koma ya buga. Sai a gwaji na uku telar, tana tsaye a bayansa, ta ce, "Yawwa. Wannan ita ce rigar da na ɗinka."

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya tambaye ta ko a tura wa Anti Nas, ta ga cewa ɗinkin ba shi da laifi.

"Bar shi, Ticha," ta ce. "An riga an yanka."

Anti Nas ba ta dawo ba. Wata rana na gan ta a tasha sanye da leshin nan, ɗinkin wani wuri. Na nufi shagon Kawu zan gaya masa, na tarar da shi yana yi wa wani dattijo fotokwafin katin asibiti. Na gaida Kawu, na tambayi lafiyar matarsa, na wuce.