Dangar Inna a Katin Bikin Auta

A shekarar da ake ta maganar auren autarmu, ina aiki ne a wani shagon buga takardu kusa da babbar makarantar nan ta Kaura Namoda. Yawancin aikina na ɗalibai ne, sai kuma katin biki idan kaka ta yi, an sayar da gero, kowa ya tuna yana da ɗan da ya isa aure. Na yi wa mutanen da ban sani ba katuna masu yawa, amma na ƙanwata ya gagara, kuma ba don komai ba sai don Inna.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Moriki. Mun baro shi lokacin da zama ya gagara, muka kama hayar ɗaki biyu a Kaura, da niyyar za mu koma in abin ya lafa. Inna ba ta taɓa kwance ƙullin manyan tukwanenta ba. Da mutanen Shinkafi suka zo neman Auta wa ɗansu, wani mai sayar da hatsi, yaro mai kunya har ta yi yawa, Inna ta karɓe su hannu bibbiyu, amma ta ce ɗiyarta daga ɗakinta na gida za ta fita, ba daga gidan haya ba. Babanmu ya riga mu gidan gaskiya, Baffa kuwa, ƙaninsa, ba ya iya tsallake maganarta. Aka ɗaga rana, aka sake ɗagawa. Daga ƙarshe dangin ango suka aiko cikin ladabi cewa in ba a ɗaura kafin azumi ba, su kam ba su san abin da za su ce wa ɗansu ba. Kowa ya gane abin da suke nufi.

Auta ba ta yin kuka a gaban mutane, sai dai ta rame. Ni kuwa zuciya gare ni, na yi wa Inna magana da zafi har sau biyu, ban samu komai ba, sai dai ta juya ta kalli bango. Wata rana Auta ta ce mini, "Yaya, ki yi min katin ko ba a buga ba. In riƙa kallo dai." Tausayinta ya kama ni sosai, na ce zan yi mata.

Lokacin ban daɗe da fara amfani da manhajar nan ta waya mai zana hoto ba, wadda ake ce wa AI. Rubuta mata umarni ake yi, a bayyana abin da ake so, ita kuma ta zano. Da Turanci nake rubutawa, don na lura ta fi gane sunayen abubuwa a haka. Abin da na sa da farko gajere ne: zanen katin gayyatar aure, furanni a gefe-gefe, layuka kamar an ja su da tawadar zinariya, da fili na sunan ango da amarya. Sai ga wani ango da kwat, amarya da farar riga kai ba ɗankwali, a sama kuma wasu haruffa da ba boko ba, ba ajami ba. Muka yi dariya har Auta ta riƙe ciki. Na ƙara wa manhajar cewa ban da mutane, ban da rubutu ko harafi ɗaya, katin ya zama a tsaye, tsakiyarsa fili mai faɗi. Dole in ce mai faɗi, domin ita a ganinta suna biyu kawai za a sa, alhali katinmu sai ya ɗauki iyalan wane da iyalan wane, da rana, da wuri, da roƙon addu'a ga wanda bai samu zuwa ba. Sunayen kuwa da hannuna nake jera su daga baya a kwamfutar shago, tun da na ga yadda take ɓata rubutu.

Bayan la'asar ne, muna zaune a ƙofar ɗaki, Inna tana tsince wake a faifai, ta yi kamar ba ta jin mu. Hoto na biyu ya fito da kyau, furannin wardi manya-manya sun cika gefuna, irin na kowane kati a garin nan. Auta ta miƙa wa Inna wayar. Inna ta kalla da wutsiyar ido.

"Wanga hure na ina ne? Ni ban san shi ba."

"Na Turawa ne, Inna," in ji Auta.

"To a kai musu abinsu."

Haushi ya taso mini, na ce to ta faɗi wanda ta sani mana. Gatse na yi, Allah ya sani. Amma sai ta ajiye faifan a cinyarta. Ni 'yar fari ce, ba ta kiran sunana, don haka ta ce, "Ke wagga, abin naki ya san huren soso?"

Na ce in aka bayyana masa zai gwada.

"Shi da bai taɓa zuwa garinmu ba, ƙaƙa za ya yi shi sani?"

Duk da haka ta fara. Ta ce soso yana hawa dangarta ta gabas, wadda Baba ya kafa da karan dawa, furensa rawaya ne kamar ɗorawa, kunnuwa biyar, da safe yake buɗewa kafin rana ta yi zafi. Ina juya maganarta ina rubutawa: tsiro mai yaɗo, ganye mai faɗi, siraran zare masu murɗewa suna kama kara. Ta ce daga ƙasa, wajen randa, akwai kabewa, furenta kamar bakin kakaki, ya fi na soso girma da duhu. Na sa. Manhaja ta ɗan yi juyi, sabis yana zuwa yana tafiya, sai ta kawo mana kabewa manya-manya guda huɗu a kusurwoyin kati, kamar rumfar kasuwa. Inna ta yi dariya. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba. Na gyara na ce fure kawai, ban da 'ya'ya.

Daga nan ba ta ƙara kallon wake ba. Idonta na kan bangon maƙwabta, amma ba shi take gani ba. Ta zagaya da mu gidan daga zaure. Ga kuɓewa a bayan madafa, fure fari-fari mai ɗan rawaya, tsakiyarsa ja mai duhu kamar an ɗiga masa zoɓo. Ga lallen da kakarmu ta dasa a bayan ɗaki, furensa ƙanana a cure, ba a ganinsa sosai sai dai a ji ƙamshi idan iska ta juyo bayan ruwan sama. Ta ce mini in sa ƙamshin. Na ce Inna, wannan kam ba ya zanuwa. Ta ce, "To sa huren, mai hanci ya ji." Muryarta ta yi ƙasa, tana tafiya a hankali, har na ji kamar ƙafata tana taka damshin ƙasar gidan, kaji suna tone a gindin danga, hayaƙin murhu yana bin rufin ɗaki. Auta ta jingina kanta da kafaɗata, babu mai motsi a cikinmu.

Da na zo kan zinariyar na tambayi Inna, mai ƙyalli sosai ko mai sanyi. Ta ce ba ta san zinariya ba, amma ta san yadda karan danga yake komawa idan rana ta kusa faɗuwa. Na rubuta siraran layukan zinariya masu ɗumi, a kan takarda mai launin madara, furanni da launi kaɗan-kaɗan. Na kuma ce wa manhajar ta bar ɗan fili a baki-baki, saboda wuƙar yankan takarda takan ci gefe.

Hotuna suka fito, wasu sun yi, wasu shirme. Haka abin yake, ko kalma ɗaya ba a canza ba, kowane zuwa da nasa zanen, wanda ya wuce kuma ba ya dawowa daidai. Shi ya sa da wani ya fito, na ga Inna ta miƙo hannu, na yi maza na adana shi. A cikinsa soso ya hau ta dama ya sunkuyo ta sama, kabewa ta kwanta a ƙasa, kuɓewa da lalle suna hagu. Ba daidai yake ba, ganyen kuɓewar ma ya fi kama da na rama, amma Inna ba ta yi ƙorafi ba. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta daɗe.

Sannan ta ɗora yatsa a farin filin tsakiya, wayar har ta ja hoton ya ƙara girma, na mayar mata da shi.

"Nan tsakar gida ta," ta ce. "Nan muka shimfiɗa tabarma."

Na ce nan ne wurin sunaye, Inna. Nan za a sa na Auta da na yaron, da na iyaye.

"Cikin gidana kenan."

Ta ci gaba da kallo. Can wani keke napep ya wuce ta bakin layi yana hon, yara suna bin sa da ihu, ita ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Rubuta su," ta ce.

"Da wurin ɗaurin aure?" Sai da na tambaya, domin kati ba ya fita babu wuri, kuma wurin ne ya tsayar da mu duk watannin nan.

Ta miƙo mini wayar, ta ɗauki faifanta. "Rubuta inda muke. Ki aika a hwaɗa ma Baffanku."

Auta ta tashi da gudu ta shige ɗaki, muna jin kukanta ta bayan labule.

Washegari a shago na jera sunayen a filin nan, na sa masallacin unguwarmu ta Kaura, bayan sallar Juma'a. Mai shagon ya leƙo ya tuna mini cewa zinariyar nan ta fuskar waya ce kawai, injinmu tawada yake fesawa, ba zai yi ƙyalli ba, in ana son mai walƙiya ta gaske sai an kai birni an manna. Na sani. Da aka buga ta fito rawaya mai ɗan duhu, ba ƙyalli, kuma ni ban ji haushi ba, don ta fi kusa da launin karan da Inna ta faɗa. Katin ya je Shinkafi, ya je Zurmi, ya je wurin 'yan ƙauyenmu da suka watsu a garuruwa. Wata gwaggonmu ta bugo waya tana tambaya wa ya ɗauko hoton dangar.

An ɗaura aure saura kwanaki kaɗan a ga watan azumi. Inna ta kwance ƙullin manyan tukwanen nan, da su aka dafa abincin biki. Daga ɗakin haya aka fitar da Auta, Inna ta raka ta har bakin mota.

Abu ɗaya ta roƙe ni tun ranar da za a buga katin. Ta ce in fitar mata da guda ɗaya wanda babu rubutu ko kaɗan, furannin kawai da filin. Na buga mata a takarda mai kauri. Yana nan har yau a bangon ɗakinta, sama da inda take sallah. Ba mu koma ƙauye ba tukuna. Da safe idan ta gama share ɗaki, takan tsaya a gabansa, ta kama gefen mayafinta ta goge ƙurar da ta kwanta a tsakiyar.