Rigar da Ta Yi Daidai

A otal ɗin da take aiki, kowa Gimbiyar Guga yake ce mata. Mijinta ne ya laƙa mata sunan tun suna sababbin aure, ya bi ta har wurin aiki. Ɗakin gugar yana can ƙasan bene, babu taga, sai fanka mai ƙara da ƙamshin sitaci. A nan ta yi ƙuruciyarta ta gama, tana miƙar da kwalar rigunan mutanen da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Da wannan dutsen gugar aka yi karatun yara uku.

Mijin kuwa direban babbar mota ne, abokansa suna kiransa Basamude. Ƙato ne na gaske, kuma yana ji da hakan fiye da kima. In ya sayi riga sai ya juyo wuyanta ya nuna wa yara takardar.

"Kun gani? XL. Wannan ma da kyar nake numfashi a ciki."

Sai ciwo ya shigo gidan. Likitoci suka faɗi sunansa a hankali, aka fara magani, Basamude ya ajiye tuƙi ya koma kujerar falo. Abinci ya daina zama. Ita da take goge kayansa ta riga kowa gani: kafaɗar riga ta sauko kan dantse, wuya ya yi masa rami. Shi ma ya gani. Ranar da wandonsa ya zame a tsakar ɗaki ya ƙi shan magani, ya juya fuska bango, ya ce me ya rage a yi wa magani. Abin da ya tsorata ta ke nan. Autarsu tana gab da gama jami'a, ya sha rantsuwa zai zauna a layin gaba ranar bikin yaye su, kuma wannan alkawarin kaɗai ke sa shi haɗiye ƙwayoyin.

Sai ta ƙudura samo masa kayan da za su ɓoye ramar. Tela ba zai yiwu ba, don tef ba ya ƙarya. Kasuwa kuma sai an gwada, shi ko tsakar gida ba ya iya ƙetarewa bai huta ba. Auta ce ta taɓa nuna mata sayayya a waya.

"Umma, kar ki yarda da hoto. Ki gangara ƙasa ki karanta abin da masu saye suka rubuta. In sun ce ɗinkin matsattse ne, ki ƙara saiz. In sun ce yana da yalwa, ki rage."

Gimbiya ta ɗauki darasin ta juya shi baibai. A hutun rana, tana zaune kan kwandon zannuwa, sai ta tsallake masu yabo ta tafi kai tsaye wurin masu tauraro ɗaya, masu fushi. "Na sayi XL, ko ƙanena bai shiga ba." "Ku ƙara saiz biyu, wannan ba XL ɗin mutane ba ce." Faɗuwar wani, tashin wani. Tana duba waɗanda suka faɗi tsayinsu da nauyinsu, da masu sa hoto maɓalli na neman tsinkewa, ta gwada da abin da hannunta ya sani na jikin mijinta. In ƙorafin ya yi yawa, rigar ta yi mata.

Ta farko da ta iso ta zauna masa cif. Ya juyo wuyan, ya ga XL, ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

"Gimbiya, kin gani? Tsofaffin ne suka buɗe. Ke da dutsenki kin gama da su."

"Laifina ne, Baban Auta," in ji ta. Ta shiga kicin ta buɗe famfo don kar ya ji kukanta. Ranar ya sha magani ba a roƙe shi ba.

Haka ta yi ta yi, riga bayan riga, tana kwashe tsofaffin tana kai wa mai gadin otal. Ta ƙware har abokan aiki suna kawo mata waya ta zaɓar musu. Ba wanda ya san dalili.

Da bikin ya matso ta nemo kwat, ruwan toka, irin wadda ya taɓa yabawa a jikin wani. Sharhin da shagon ya jera a sama duk kuka ne, ta yi ƙanƙanta, ta matse hammata. Ta yi oda da murna. Abu ɗaya ne ba ta duba ba, kwanan wata. Koke-koken na bara ne. Da a ce ta danna ta ga sababbi, da ta karanta cewa mai kayan ya ji ƙorafi ya gyara ɗinki, yanzu saiz ɗin daidai yake.

Tana wurin aiki aka kawo. Da ta dawo ta same shi tsaye gaban madubin ɗaki, cikin XL ta gaskiya. Hannun kwat ɗin ya rufe yatsunsa, kafaɗun sun tsaya su kaɗai, kamar yaro ya sa kayan babansa. Ta tsaya bakin ƙofa, jakarta a hannu.

"Kuskure suka yi," ta ce da sauri. "Wannan shagon kayansu yalwa gare su, kowa ya faɗa. Gobe zan mayar."

Bai juyo ba. Ya ɗaga gaban kwat ɗin ya nuna mata bel ɗinsa. Sababbin huji ne a jere, waɗanda ya yi da ƙusa.

"Shi ma wannan yalwa gare shi?"

Ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Tun riga ta biyu na gane," ya ce. "Na ga kina jin daɗi, na ce bari in bar ki. Ke kina lallaɓa ni, ni ina lallaɓa ki. Zo ki zauna, ƙafafuna sun gaji."

Suka zauna bakin gado. Ya ce ta ɗauko tef ɗin da take ɓoyewa a durowa. Ta auna ƙirjinsa, suka duba jadawalin awo na shagon. M ya nuna. Wannan karon ta danna sababbin sharhi, ta karanta masa da ƙarfi. Wani ya ce daidai take, ku ɗauki saiz ɗinku. Wani ya ce hannun ya ɗan yi tsawo. Ya riƙa tsokanar wani da ya sa hotonsa da tumbi, har ta yi dariya da hawaye a fuska.

Ta kai yatsa kan M. Ya riƙe mata hannu.

"Sai yaushe bikin?"

"Wata mai zuwa."

"Ɗauki S."

"Za ta matse ka, Baban Auta. Ga awo nan."

"Awon yau ne, Gimbiya. Ɗauki S."

Ranta ya yi baƙi ƙirin, ta so ta yi masa gardama kamar yadda suka saba, amma ya fi ta sanin jikinsa. Ta danna. Ya saki hannunta ya ce ta miƙo masa maganin, yana da wurin zuwa.

Kwat ɗin ta iso, ta rataye ta a leda ba wanda ya gwada. Safiyar bikin ta goge ta da kanta, ta ɗora ƙyalle mai laima don kar ta yi sheƙi. Tana gugar tana addu'a cikin ranta, abin da ba ta taɓa roƙo ba a kan tufa: Allah ya sa ta matse shi, Allah ya sa maɓallin ya ƙi shiga.

Ya zira hannu ɗaya, ta taimaka masa da ɗayan. Ta ja gaban ta haɗa. Maɓallin ya shiga ba gardama, kafaɗu suka zauna, ta yi masa kyau ƙwarai.

"Kin gani?" ya ce a hankali, yana gyara kwala. "Daidai."

Ya zauna a layin gaba, ya tafa wa Auta har hannunsa ya gaji. Sau ɗaya tak ya sa kwat ɗin a rayuwarsa.

Daga baya saƙo ya shigo wayarta daga shagon, suna neman ra'ayinta kan kwat ɗin, su ji ko ta yi ƙanƙanta, ko daidai, ko ta yi yawa. Tana ɗakin guga, dutse na huci a gefenta. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta danna daidai, don kar wata ta yi kuskure.