Tsaunuka a Ƙofar Mota

Aaron ya daɗe yana ɗaukar hoto a bukukuwan Zuru kafin wayoyin hannu su kashe sana'ar. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Kaduna. Yanzu abin da ke ciyar da shi shi ne wani dillalin motoci a Abuja, Alhaji Mubarak, wanda ba su taɓa haɗuwa ba. Aaron yakan rubuta wa manhaja umarni, ita kuma ta fitar da hoton talla.

Yakan rubuta: kyamara a ƙasa, daidai taya, don motar ta yi kwarjini. Tayoyi da gefen hanya su dushe saboda gudu, amma jikin motar ya fito tar. A duk hotunansa kuwa hanyar ta jar ƙasa ce, tsaunukan garinsu suna haskawa a fentin ƙofa.

Wata safiya Alhaji ya kira. "Baba Aaron, masu saye, birni suke so su gani. In ba ka iya ba, in nemi wani."

Aaron ya mayar da hanyar jiƙaƙƙiyar kwalta tsakanin dogayen benaye, amma ya bar tsaunukan a fenti. Shi ma ya sani, fenti abin da ke kewaye da shi yake nunawa.

Alhaji ya yi dariya a waya. "Baba, motar tana Abuja, ƙofarta tana ƙauye?"

Aaron ya goge layin tsaunukan a umarnin, ya rubuta benaye, ya tura. Alhaji ya amsa da hoton babban yatsa. A ranar, wayar ba ta sake yin ƙara ba.