Uwa nawa gare ki?

Ina ɗinki a wani kamfanin riguna a Akara aka aiko mini cewa gwaggona, wadda ta goya ni tun ina jaririya, tana kwance rai a hannun Allah a garin Bawku, can arewa. Shekarar ana ta sallamar ma'aikata. Kuma ban daɗe da karɓar hutun rasuwar mahaifiyata ba. Na san abin da manaja zai tambaye ni: uwa nawa gare ki?

Sai na nufi asibitin unguwarmu a Nima, wurin wani likita abokin babana. Na ce, "Baba, ka rubuta mini takarda cewa zazzaɓi nake yi."

Ya taɓa goshina, ya ce, "Lafiyarki ƙalau, 'yata, ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. In likitan kamfani ya sake duba ki, korar ki za su yi. Ki tafi da wakilin ƙungiyarku ta ma'aikata wurin manaja, ki nemi a cire kwanakin daga hutunki na shekara. In ya ƙare, ki nemi hutu ba albashi. Kada ki tafi sai an rubuta miki izini."

Na fito ina jin haushinsa.

Washegari, a gaban wakilin, manaja ya yi tambayar da nake tsoro. Na ce, "Biyu. Ɗaya ta haife ni, na binne ta. Wannan ita ta raine ni, kuma tana numfashi tukuna."

Ya sa hannu a takardar izinin bai ɗago kai ba. Da na isa Bawku na iske gwaggona da rai, ta kuma gane muryata.